Idanun da Ke Cikin Jininmu

Inna ba ta kallon yara. Tun ina ƙarama na san haka, kamar yadda na san ba ta cin kuɓewa. In yaro ya shigo gidanmu za ta amsa gaisuwarsa da fara'a, ta damƙa masa ƙuli ko gyaɗa, amma idonta na kan tabarma. In aka yi haihuwa a layinmu na Makera takan aika da sabulu da turmin atamfa, ita kuwa ƙafarta ba ta taka gidan. Ni kaina da ta haifa, ban tuna ranar da ta zuba mini ido ta daɗe ba. Na ɗauka kunya ce irin ta mutanen da, ko da yake ba ni ce 'yar fari ba.

Ɗan farin shi ne Yaya, wanda ya rasu ina goye. Hotonsa ɗaya ne a duniya, Baba ya kai shi aka ɗauka a wata sallah, lokacin masaƙar da yake aiki ba ta rufe ba. Hoton yana ƙasan akwatin Inna, a kife. Nakan zaro shi in ba ta nan. Yaro ne siriri cikin kaftani mai yi masa yawa, cikinsa ya turo rigar gaba. Goshinsa ya fito, kumatunsa sun yi tudu, karan hancinsa ya lotsa, haƙoran sama sun hana leɓe rufuwa. Bai yi kama da Baba ba, bai yi kama da Inna ba. Ko a dangi kaf ban ga mai wannan fuska ba.

A bakin famfo na ji sauran labarin, daga bakin wata yarinya da muka yi faɗa a kan layin bokiti. Ta ce da ni 'yar mayya. Daga baya na yi ta haɗa guntaye har na gane. Yaya ya yi shekaru yana ɗashewa, ana ɗura masa maganin ƙarin jini, jinin ba ya zama. Mutane suka ce ai tulun da ake zuba wa ruwa bai cika ba, akwai mai sha. Inna bare ce, daga wani ƙauye mai nisa Baba ya auro ta, ba ta da mai tsaya mata. Goggo, ƙanwar Baba, ita ta tara mata a tsakar gida da rana tsaka, aka shimfiɗe yaron, aka sa Inna ta tsallaka shi don ta saki kurwarsa. Ta tsallaka. Bai kai damina ba ya rasu. A ranar sadakar uku Goggo ta cire ni daga nono, ta tafi da ni gidanta a Tudun Wada ta yaye ni da kanta, domin an ce maita a nono ake shan ta.

Baba bai saki Inna ba, bai kuma taɓa tada maganar ba har ya bar duniya. Shekaru suka binne abin, ko kuma na zaci sun binne. Na girma na koyi ɗinki, na auri ɗan Goggo. Ba wanda ya tilasta mu, tun muna yara muke tsokanar juna irin ta taubasai har tsokanar ta zama wani abu. Goggo ta ɗan yi tsaki ta amince, ta ce ai ni jinin yayanta ce, kuma ita ta yaye ni. Kafin ɗaurin aure muka je aka yi mana gwajin jinotayif kamar kowa. Ni AA, shi AA. Har rawa na taka a ɗakin ƙawata.

Muka zauna a Unguwar Mu'azu, Inna ta dawo wurinmu bayan rasuwar Baba. Ni dai tun ina budurwa duk ma'aikaciyar asibitin da ta ja mini fatar ido sai ta ce jinina bai isa ba. Da ciki kuwa, jajayen ƙwayoyin ƙarin jinin nan na sha su har na ƙi jinin ganinsu. Na sha maltina da madara, na sha ruwan ganyen ugu da maƙwabciyata ta koya mini, na ci hanta har maigidan ya ce mahauta sun fara gaishe shi da hannu biyu. In aka sake awo, jiya i yau. Tunda ina aikina lafiya, ban sa abin a raina ba.

'Yata ta zo lafiya, ta yi ɓulɓul, ta yi tafiya a kan kari. Sai bayan yaye ta soma ɗashewa. Tafin hannunta ya yi fari, farin idonta ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Tana wasa kaɗan sai ta zauna tana haki kamar tsohuwa. Muka yi gwajin sikila, aka ce ba sikila ba ce. Mai kemis na bakin layi, mutumin kirki ne, ya ce ƙarancin jini ne irin na yara, ya ba mu tonik mai ƙarfe. Kwalba ta ƙare muka sayi wata. Haƙoranta suka yi baƙi, bayan gidanta ya yi baƙi, tafin hannun yana nan fari fat. Ina jera kwalaben a kan katangar bayan gida don masu saye, har suka kai ƙarshen katangar na fara sabon layi.

Inna tana son yarinyar, wannan ba ni da shakka. Ita ke dama mata kunu, ita ke wanke mata kaya. Amma a ƙofar ɗaki take ajiye kunun, ta ce in miƙa mata. Ba ta taɓa goya ta ba. In yarinyar ta rarrafo wurinta, sai ta juya ta fuskanci bango tana jan carbi.

Fuska ba ta sauyawa a kwana ɗaya, kuma uwa ce ta ƙarshen gani. Wata rana da hantsi, yarinyar ta shiga makaranta ke nan, ina auna mata sabon yunifom. Na ɗaga haɓarta don in ga wuyan rigar, haske ya faɗo mata ta taga. Tef ɗin ya suɓuce daga hannuna. Goshin ne, da tudun kumatun, da haƙoran da suka fara leƙowa. Na shiga ɗakin Inna na buɗe akwati a gabanta, abin da ban taɓa yi ba. Hoton ba ya ƙasa. Yana sama, a kan zannuwa, fuskarsa a buɗe.

"Tun bara na gani," in ji Inna, ba ta juyo ba.

Tsoro na ji. Na yi makaranta daidai gwargwado, ina salla, na san abin da malamai ke faɗa a kan zargin mutane da maita. Amma ga yaron da ya mutu ina goye yana fitowa a fuskar 'yata, a gidan da uwarsa take. Abin da ya fi damuna ma ba Inna ba ce, ni ce. Goggo ta yaye ni, gaskiya ne, amma kafin nan ai na sha nonon fiye da shekara. Na kama kaina ina yi wa yarinyar wanka ina kallon bokiti. Ina ba ta abinci ina kallon cokali.

Mai kemis ne ya fara sarewa. Maigidan ya ce ko a koma allurar ƙarfe tunda na sha ya ƙi. Mutumin ya taɓa cikin yarinyar ta hagu, inda wani abu mai tauri ya sauko ƙasan haƙarƙari, ya janye hannunsa. Ya ce, "Alhaji, wannan ya fi ƙarfin shagona. Maganin da na ba ku, da ƙarancin ƙarfe ne da tuni ta yi ja. Ku kai ta babban asibiti, ku ce a haɗa ku da likitan jini."

Kafin mu je, Goggo ta zo. Ta shekara ba ta ga jikarta sosai ba saboda ciwon gwiwa. Ta shigo da sallama, yarinyar ta ruga ta tare ta, Goggo ta tsaya cak da ledar lemo a hannu. Ta dubi yarinyar, ta dubi ƙofar ɗakin Inna. Ba ta ɗaga murya ba.

"Matar yayana, ba ki ƙoshi ba ashe?"

Carbi ne kawai ke ƙara daga ɗakin.

Goggo ta zauna ta yanke hukunci kamar mai rabon nama. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za ta zo da mata biyu, Inna ta tsallaka yarinyar, sannan a sa ta a mota a mai da ita ƙauyensu, inda ko bangon gidan ubanta babu yanzu. Maigidan ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, amma tsakanin uwarsa da surukarsa, ga 'ya tana ƙarewa, sai ya zama kamar kazar da aka jiƙa. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne muryar Inna daga ɗaki, a sanyaye: "Zan tsallaka. In hakan zai sa ta tashi, zan tsallaka."

Ni kuwa bakina ba ya ajiya, kowa ya sani. Na ce, "Goggo, an tsallaka Yaya, ya tashi? Ku ba ni zuwa Juma'ar sama. In likita bai ga komai ba, ni da kaina zan riƙe mata zane ta tsallaka." Ban san daga ina maganar ta fito ba, domin ni ma a lokacin ban tabbata ba. Goggo ta ce ta ji, ai ramin ƙarya ƙurarre ne.

Likitar jinin mace ce, 'yar kudancin jihar nan, gajeriya mai furfura a gaban goshi, da ɗan gicciye a wuya. Hausarta ta Kaduna ce, rabi da Turanci. Ta dubi fuskar 'yata tun daga ƙofa, ta daɗe tana dubawa, abin da mu a gida muka daina yi. Ta taɓa saifar, ta tambayi abin da muke ba ta. Na faɗa mata yawan kwalaben katanga. Ta ajiye biro.

"Daga yau, ko cokali ɗaya na tonik kada ya ƙara shiga bakinta. Kin ji ni, maman bebi? Akwai wani a family da ya taɓa yin irin wannan?"

Na zo da hoton a jakata ba tare da na san dalili ba. Na miƙa mata. Ta duba, ta dubi yarinyar, ba ta yi salati ba, ba ta ja baya ba. Ta ce, "Na san fuskar nan. Ba ta gidanku ba ce kaɗai, ciwon ne ke yin ta." Ta sa aka ɗebi jinin yarinyar da nawa, aka ɗauki hoton ƙashin kanta. Ta ce tana son jinin uban, da na duk kakannin da ke raye.

Hoton ƙashin aka fara kawowa. Ta ɗora shi a jikin fitila. Ƙoƙon kan 'yata ya yi kauri, kuma a cikin ƙashin akwai wasu siraran layuka a tsaitsaye, cunkus, kamar gashin wanda ya ga abin tsoro. Gashi a cikin ƙashi. Na ji nawa gashin ya tashi. Likita ta ce ɓargo ne. A cikin ɓargo ake ƙera jini, na yarinyar yana aiki ba dare ba rana yana faɗaɗa, har ya tura ƙashin goshi da na kumatu waje. Na ce to in yana aiki haka, ina jinin yake zuwa? Tambayar Goggo ke nan, da bakina. Ta ce in dawo da kowa ranar Alhamis, sauran gwajin sai an kai wani ɗakin awo a tsallaken kogi.

Washegari Inna ta ba da hannunta aka ɗiba, fuskarta a gefe. Goggo kuwa da kanta ta hau keke napep ta zo, ta naɗe hannun riga tana cewa a ɗiba da yawa, nata jinin ba abin ɓoyo a ciki.

Ranar Alhamis da azahar muka hallara a wani ɗan ɗaki a bayan asibitin, mai warin sinadari. An ɗauke wuta, injin wutar asibitin bai tashi ba tukuna, fanka tsaye, ba a jin komai sai kukan wata kurciya a kan rufi. A kan tebur ga madubin awo, ga ƙananan gilasai jere, kowanne da shafin jini ruwan hoda. Likita ta tambaye ni sana'ar babana. Na ce aikin masaƙa ya yi.

"To kin huta da ni," in ji ta. "Abin da ke sa jini ja, wanda ke ɗaukar iska ya kai wa jiki, sunansa himogulobin. Da zare iri biyu jiki ke saƙa shi, alfa da beta, kamar zaren tsaye da na kwance. Biyu na wannan, biyu na wancan, kowane zare kuma yana riƙe da ɗan ƙarfe. In ƙarfe ya yi ƙaranci, saƙar gaba ɗaya ce ke raguwa. Zaren biyu duk su ragu tare, ba wanda ya yi saura. Ki kawo ƙarfe, aiki ya tashi, cikin 'yan makonni mutum ya yi ja. Na 'yarki ba haka ba ne. Ƙarfe yana nan har ya yi yawa. Zaren beta ne jikinta ba ya yi sosai, alfa kuwa ana ta yin sa kamar kullum. Me ke faruwa in zare ɗaya ya taru ba abokin saƙa?"

Na ce, "Ya cukurkuɗe." Na sha jin Baba yana faɗa.

"Ya cukurkuɗe a cikin ƙwayar jinin tun tana jaririya a ɓargo, ya dunƙule, ya kashe ta. Yawancinsu a can suke mutuwa, ba sa ma fitowa. Waɗanda suka fito da rauni, saifa ta tare su ta farfasa, shi ya sa ta kumbura, shi ya sa idonta ya yi ɗorawa. Jiki ya ji jini bai isa ba, ya ce wa ɓargo ƙara, ya ce wa hanji ja ƙarfe daga abinci. Ga shi kuma kuna ƙara mata na kwalba. Jiki ba shi da ƙofar fitar da ƙarfe, sai ya jibge shi a hanta da zuciya. Sunan ciwon talasimiya. Ba wanda ke shan jinin nan, Mama. A inda ake yin sa yake lalacewa."

Goggo ta ce, "To wa ya sa mata?"

Injin ya tashi a daidai lokacin, fitilar madubin ta kama. Likita ta ce mu zo mu gani da idonmu. Ta fara sa gilashin wata mata da ba mu sani ba, mai ƙarancin ƙarfe na gaskiya. Na kanga idona. Ƙwayoyi ne jefi-jefi, fili da yawa a tsakaninsu, sun koɗe, tsakiyarsu fari fayau sai bakin zobe. Wata babba, wata ƙarama, wasu dogaye sirara kamar fensir. Likita ta ce ma'ajiyar ƙarfen matar wayam take, ɓargo ba shi da kayan aiki, don haka ƙwayoyin ba yawa, kuma girmansu ya danganta da abin da aka samu ranar da aka ƙera kowacce.

Sai ta sa nawa. Na duba, na ɗago da sauri. Suna da yawa, cunkus, ƙanana, kusan duk girmansu ɗaya. Da yawa daga cikinsu suna da ɗigo a tsakiya, da farin zobe kewaye da ɗigon, sannan baki. Idanu ne. Ɗaruruwan ƙananan idanu, ba sa ƙiftawa, duk suna kallona daga cikin jinina.

Likita ta yi dariya kaɗan. Ta ce kowa haka yake cewa. Ƙwayar ce fatarta ta fi abin cikinta yawa, sai tsakiyar ta tattaro ɗan jan da ke akwai. Ta ce a wasu cututtukan ma ana ganin irinsu, amma ba da wannan yawa da wannan ƙanƙanta ba. Ni rabi na gada, daga uwa ko daga uba, ɗaya gefen lafiya lau yake yin zarensa. Ragowar alfa kaɗan ce, jiki yana share ta. Kowace ƙwaya ba ta cika ba, don haka ɓargo, da yake yana da ƙarfe isasshe, sai ya rama da yawa. Shi ya sa ƙwayoyina ƙanana ne ƙwarai amma adadinsu ya fi na mai lafiya ma, ma'ajiyar ƙarfena a cike, jinina kuma ya ɗan gaza kaɗan ne kawai, kuma haka zai zauna ko na shanye kemis. Duk wanda ya dubi ƙanƙantar da koɗewar kawai zai ce ƙarancin ƙarfe ne. Abin da ya tabbatar shi ne gwajin tsallaken kogi: wani ɗan nau'in himogulobin da ake kira A2, wanda ba ya bukatar zaren beta, ya hau sama a jinina.

Maigidan ya ce, "Amma Likita, AA aka ce mana. Mu biyun."

"Ba su yi ƙarya ba, Alhaji. Wancan gwajin irin zaren yake dubawa, ko akwai na sikila. Ba ya auna yawansa. Naku zaren mai kyau ne, kaɗan ne dai. Kuma ciwon ba shi da yawa a nan kamar sikila, shi ya sa ba a cika neman sa ba."

Ta sa nasa, idanun ne. Ta sa na yarinyar, wadda ta gada daga gare mu duka biyu. Wannan kam ban iya daɗewa a kai ba: manya da ƙanana, fasassu, wasu kamar ɗigon hawaye, wasu da baƙin ƙwallo a ciki, jarirai ne da ɓargo ya koro kafin su nuna.

Gilashi biyu suka rage, na Inna da na Goggo. Likita ta ce, "Mama, ku zo." Inna ta girgiza kai ta ce ita ba ta leƙa cikin mutum. Kowa a ɗakin ya san abin da take nufi, domin mayu aka ce suna ganin hanjin mutum daga waje. Goggo ta tashi da sandarta, ta kanga ido. Aka sa na farko, aka sa na biyu. Ta ce a maimaita. Aka maimaita.

"Wanne ne nata?"

"Ki faɗa mini, Hajiya," in ji Likita, ba da gatse ba.

Goggo ta sake dubawa, ta daɗe. Ba ta iya rabewa ba, domin ba abin rabewa. Likita ta ce dukansu rabi suke ɗauke da shi, kamar ni da maigidan. Shi ga dukkan alamu daga Goggo ya samu. Tunda Goggo na da shi, ba mamaki yayanta ma yana da shi, in kuwa haka ne, yaron hoton daga uwa da uba ya haɗa, kamar 'yata. Ta ce ba za ta rantse a kan wanda ba ta auna ba, amma fuskar ta isa shaida. Ba laifin kowa ba ne, in ji ta, ba wanda ya zaɓi abin da zai gada.

Goggo ba ta nemi gafara ba, kuma wanda ya san ta ba zai sa rai ba. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya kamar za ta yi wa Inna magana, bakinta ya motsa, sai ta wuce. Juma'a ta zo, aka sauko masallaci, ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Ba warkewa aka yi ba, kada in yi ƙarya. Likita ta ce na 'yata matsakaici ne, ba mafi tsanani ba. Tana shan folik asid, ana ƙara mata jini lokaci-lokaci don ɓargon ya huta ƙashin ya daina turowa, tana kuma shan wani magani mai fitar da ƙarfen da ya taru. An gaya mana kowane cikin da zan yi nan gaba zai iya zuwa da haka, zai iya zuwa lafiya. Kwalaben katanga na tara su a buhu na ba mai gwangwan kyauta, don ganinsu yana tayar mini da hankali.

A yammacin Juma'ar nan, bayan la'asar, na tarar da Inna zaune a tsakar gida, ba a ɗaki ba. Akwatinta na gefe a ɗaure, ashe tun ranar da Goggo ta zo ta haɗa kayanta. Na durƙusa zan kwance igiyar.

"Ke," ta ce. "Matar nan ta ce a jinina yake?"

"A jininki, da na Goggo, da na Baba, da nawa, da nasa."

"Ba ci na yi ba."

"Ba ki ci kowa ba, Inna."

Ta dafa ƙasan haƙarƙarinta. "Tun ranar da na tsallaka shi nake jin ƙanƙarar maitar a nan. An ce mai ita ba lalle ta sani ba. Na ce to, tunda ban sani ba, bari in tsare idona." Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin gero. Ni ce na yi kukan, ita ba ta yi ba. Haushi ya cika ni, na rasa wanda zan ji wa.

Yarinyar tana bakin rariya tana wasa da murfin kwalba. Inna ta kira ta. Ta zo ta tsaya nesa kaɗan, inda ta saba tsayawa. Inna ta miƙa hannu ta jawo ta har gwiwarsu ta haɗu, ta tallafi haɓarta, ta ɗago kai a hankali kamar mai ɗaga kaya mai nauyi. Ta dubi goshin, ta shafa shi da babban yatsa. Ta bi tudun kumatun, ta bi karan hancin. Ta daɗe, har kajin maƙwabta suka fara hawa katanga. Yarinyar ta tsaya cak, ita ma tana kallo.

"Inna," ta ce, "ashe idonki irin na Mama ne."

Inna ta ce, "Haka ne?" Ta juya ta dube ni, sosai, don ta gani. Sannan ta kwance zanen kafaɗarta, ta durƙusa ta ba yarinyar baya, ko da yake ta wuce goyo da shekaru, ƙafafunta har suna taɓa ƙasa.